Kwana uku a mako: nawa ne haƙƙinta?

Wani dattijo mai kantin sayar da magani a nan Damagaram ya faɗi wata magana a gabana da ta tsaya mini a rai. Ana hirar ma'aikata ne, sai ya ce ai shi yarinyar da ke zuwa masa kwana uku a mako ba ya cutar ta ko da dala ɗaya, don da alƙalami yake yi mata lissafi. Na ce, "Baba Alhaji, yaya lissafin yake?" Ya ce, "Ɗana, mai sauƙi ne. Abokin aikinta jika 78 yake ɗauka a wata. In ka raba gida 30, kowace rana 2,600 ke nan. Ita kwana 13 take zuwa, sai in ba ta 33,800." Da na tambayi zancen hutu da rajistar CNSS, wato asusun fansho da tallafin ma'aikata, dariya ya yi, ya ce waɗannan ai na cikakken ma'aikaci ne.

Mutumin nan ba azzalumi ba ne, kuma wannan ne ya fi damuna. Ya yi imani da gaske cewa adalci yake yi. Amma lissafinsa na cinye wa yarinyar jika 13 duk wata.

Ra'ayina shi ne, wanda ya yi wani kaso na lokacin aiki, a ba shi daidai wannan kason na kuɗin, a kan farashin awa ɗaya da abokin aikinsa. Haƙƙoƙin da ke biye da albashi su ma su bi shi gwargwadon haka. Akwai kuma waɗanda ba su rabuwa sam, sai dai a ba shi su cikakku. Wanda ya sayi rabin tiya na hatsi a Kasuwar Dole rabin kuɗi yake biya, kuma ba a auna masa daga wanda ya fi tsakuwa don ya sayi kaɗan.

Inda jika 13 ta ɓace

Dokar ƙwadago ta Nijar, wadda aka yi a 2012, ta ɗauki awa 40 a matsayin cikakken makon aiki. Shekara tana da mako 52, wata 12. In ka ninka 40 sau 52 ka raba gida 12, za ka samu awa 173 da ɗan ɗori a kowane wata. Da wannan adadin ake fitar da kuɗin awa daga albashin wata.

To, abokin aikin yarinyar yana yin awa 8 a rana, kwana 5 a mako, yana ɗaukar sefa 78,000. Awarsa ɗaya ta kama 450. Ita tana yin awa 8 a rana, kwana 3 a mako, wato awa 24, wanda ya zama awa 104 a wata. Ninka 104 da 450, za ka ga 46,800. In ka fi son gajeriyar hanya, tana yin uku cikin biyar na makonsa, sai ta samu uku cikin biyar na albashinsa. Amsar ɗaya ce.

Kuskuren Alhaji yana cikin rabawa gida 30. Babu ma'aikacin da ke aiki kwana 30 a wata. Shi cikakken ma'aikacin kusan kwana 22 yake zuwa, sauran kwanakin yana gida, kuma albashinsa bai ragu ba. Kuɗin ranar aikinsa ta gaskiya 3,600 ne. Da aka raba gida 30 sai aka baje kuɗin aiki a kan ranakun hutu, sannan aka ƙidaya wa yarinyar ranakun da ta zo kaɗai. Shi an biya shi har ranakun da yake kwance, ita an cire mata nata. A shekara abin ya kai 156,000, ya fi albashinta na wata uku.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓuya, shi ne a ce wata mako huɗu ne. Mako huɗu sau 12 mako 48 ne, saura huɗu sun tafi a banza. Da wannan lissafin za a ba ta awa 96, wato 43,200, a rage mata 3,600 duk wata ba tare da kowa ya lura ba.

Wani zai ce, to ai ko 33,800 ɗin ta wuce abin da doka ta tilasta. Gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma 42,000, bayan ya daɗe a 30,047, kuma uku cikin biyar na 42,000 shi ne 25,200. Sai dai mafi ƙarancin albashi ƙasa ce da aka hana a gangara ƙarƙashinta. Dokar nan ɗaya ta ce aiki iri ɗaya, ko mai daraja ɗaya, lada ɗaya. Yarinyar tana karanta takardar likita irin wadda abokin aikinta ke karantawa, tana tsayawa a teburi ɗaya, in kuɗi suka yi giɓi a ranarta ita ake tuhuma. Da shi ya kamata a gwada ta.

Hutu: kada a yanka sau biyu

Nan ne har masu kyakkyawar niyya ke ruɗewa. Ma'aikaci a Nijar yana tara kwana biyu da rabi na hutu a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara, wata guda cur da albashinsa. Sai mai gida ya ce, tunda yarinyar uku cikin biyar take yi, kwana 18 ne nata. Daga nan ya lissafa kuɗin kwana 18 ɗin daga ƙaramin albashinta, ya ba ta 28,080.

An yanke ta sau biyu ke nan, sau ɗaya a kwanaki, sau ɗaya a kuɗi. Abin da ya rage mata bai kai ma kashi 40 cikin 100 na abin da abokin aikinta ya samu ba, alhali kashi 60 take yi na aikin.

Hanya madaidaiciya ita ce ta tafi wata guda kamar kowa, a biya ta 46,800 ɗinta. Raguwar ta riga ta shiga cikin albashin, babu dalilin sake taɓa kwanakin. A cikin watan nan kwana 13 na aiki kawai kantin ya rasa, shi kuwa abokin aikin in ya tafi kwana 22 ake rasawa. Daidaiton ya fito da kansa.

Haka ma hutun haihuwa. Mako 14 doka ta ba mace mai aiki. Jikin mai jego bai san awa nawa take yi a mako ba. Makonnin suna nan yadda suke, kuɗin da ke biye da su ne ke bin girman albashi.

Malamin da awoyinsa ke hawa da sauka

Yarinyar kanti lissafinta mai sauƙi ne, don makonta ba ya canzawa. Wanda ya fi wahala shi ne mutumin da bai san awa nawa zai samu ba sai watan ya kama. Garin nan cike yake da su, kuma mafi bayyana su ne malaman da makarantu masu zaman kansu ke biya da awa. Daga Oktoba zuwa Yuni, wani watan awa 80, wani 40, watan da aka yi hutun zangon karatu ya faɗi warwas. Daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da hatsi ke tsada kafin kaka, ko dala ba ta shigowa.

Mu ɗauka ana biyan malam 1,500 a awa, kuma ya yi awa 540 a cikin wata tara. Ya karɓi 810,000. In wata guda na hutu yana biye da wata 12 na aiki, to kowane kuɗin da aka samu yana jawo kashi ɗaya cikin 12 nasa a matsayin kuɗin hutu. Na malam ya kama 67,500. In aka mayar da shi kan awa, 125 ne a bisa kowace 1,500. Ba sai an jira a san ko watan zai yi kyau ko ba zai yi ba, kuɗin hutun yana taruwa tare da awoyin.

Na san amsar masu makarantu. Za su ce ai kuɗin awar da suke biya ya ɗara na malamin dindindin in aka raba albashinsa, don haka komai yana ciki. Wani lokaci da gaskiyarsu. To in haka ne, a rubuta a takardar biya layi biyu, wannan kuɗin koyarwa, wannan kuɗin hutu. In an rubuta, malam zai iya duba ko kuɗin koyarwar kaɗai ya kai na takwaransa. In an ƙi rubutawa, "komai yana ciki" magana ce da ba mai iya tabbatarwa, kuma kullum mai biya take yi wa amfani.

Kuma kafin a ce awar malamin haya ta fi tsada, a tuna cewa awar da yake tsaye gaban allo kaɗai ake ƙidaya masa. Shirya darasi da gyaran takardun ɗalibai sittin da dare ba su shiga. Ranar da ya hau kabu-kabu ya zo ya tarar an sallami yara don wani taro, awar ta tafi, kuɗin babur ma ya tafi. A ganina duk awar da aka sa a jadawali, kuma mutum ya zo, a biya shi, ko an yi darasi ko ba a yi ba. Laifin sokewar ba nasa ba ne.

Wannan rigimar ba mu kaɗai ke da ita ba. A Birtaniya, inda hutun shekara mako 5.6 ne, masu ɗaukar aiki sun daɗe suna lissafa wa irin waɗannan ma'aikata kashi 12.07 cikin 100 na awoyinsu. Wata malamar kiɗa da ke koyarwa lokacin zangon karatu kawai ta kai ƙara, kuma a 2022 kotun ƙolin ƙasar ta ce wannan hanyar ba ta dace da dokar da ke nan ba. Daga baya gwamnati ta gyara dokar, ta halatta lissafin kason ga masu awoyi marasa tsari daga Afrilun 2024. Adadinsu nasu ne, bai shafe mu ba. Abin lura shi ne, duk tsawon shari'ar ba wanda ya ce malamar ba ta da hutu. Gardamar a kan nawa ne. Mu har yanzu muna kan tambayar farko.

Abin da ba a rabawa da awa

Duk wanda ya karɓi maganar gwargwado sai ya so ya shafa ta a kan komai, nan ma a yi kuskure.

Kuɗin sufuri da rana yake tafiya. Wanda ke zuwa daga Garin Malam ko Kara-Kara don aikin awa huɗu, kuɗin da mai babur zai karɓa a hannunsa daidai yake da na mai awa takwas. In ma'aikata tana ba da kuɗin zuwa da komawa, a raba shi da yawan ranakun zuwa. Yarinyarmu mai kwana uku ta samu uku cikin biyar. Amma mai zuwa kullum da safe ya tashi da azahar cikakke ya kamata ya samu, ko da rabin albashi yake ɗauka.

Kayan kariya kuwa ba su da rabi. Mai shara a likita da ke zuwa awa uku da asuba tana taɓa allurar da mai wuni ke taɓawa. In ta soke ta, ciwon cikakke ne, maganin ma cikakke. Shekarun aiki su ma haka. Wanda ya yi shekara shida yana zuwa kwana uku, shekara shida ya yi a gidan, ba uku da wani abu ba, ko da yake duk wani ƙari da za a lissafa masa daga albashinsa zai fito.

Goron salla da kuɗin ƙarshen shekara, in ana bayarwa, su bi kason albashi. Ban ga abin jayayya a nan ba.

CNSS, da ƙofar da ke rufe

Mutane da yawa sun ɗauka rajista a asusun CNSS ta masu cikakken lokaci ce. Alhali zubin kaso ne na albashi, don haka shi ma yana raguwa da kansa. Ma'aikaci yana zuba kashi 5.25 cikin 100, mai ɗaukar aiki kashi 16.4. A kan 46,800, na yarinyar 2,457 ne, na Alhaji kusan 7,675. Ba ƙaramin abu ba ne ga ƙaramin kanti, ban raina ba. Amma a cikinsa akwai kashi 1.75 na haɗarin aiki, wanda ranar da tsautsayi ya faɗa shi ne zai tsaya tsakanin mai kanti da kuɗin magani, akwai kuma na fansho.

Sai dai a nan ina da ƙorafi a kan tsarin kansa. Kaso mafi girma a zubin mai ɗaukar aiki, kashi 8.4, na kuɗin tallafin iyali ne. Sharaɗin samun tallafin kuwa, bayan wata shida a jere ana aiki, shi ne mutum ya yi aƙalla kwana 18 ko awa 120 a wata. Yarinyarmu tana da kwana 13 da awa 104. Ta gaza duka biyun. Za a zuba mata kuɗin duk wata, in ta haihu ta je ta tarar ba ta kai ba. Da awoyin nan 24 an baje su a kwana biyar, da kwanakinta sun haura 18, alhali aikin da ta yi bai ƙaru da minti ɗaya ba.

An tsara sharaɗin ne da hoton ma'aikaci ɗaya, gida ɗaya, wuni guda. Yau malami ɗaya yana koyarwa a makarantu uku, awa 40 nan, 50 can, 35 a ta uku. In an haɗa ya wuce 120. Amma in makarantun biyu ba su bayyana shi ba, a takarda mutum ne mai awa 40. Ina ganin abu biyu ya kamata a yi. A sauƙaƙa wa mutum haɗa awoyinsa na wurare daban-daban a ƙarƙashin lambarsa ɗaya, sannan wanda ya gaza sharaɗin a ba shi gwargwadon abin da aka zuba masa maimakon a sallame shi hannu rabbana.

"In kun matsa, ba za mu ɗauka ba"

Wannan ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba na wasa da ita. Aiki ya yi ƙaranci a Damagaram, matasa masu takardu suna zaune a fada suna shan shayi. Mai kanti zai iya cewa, in kwana uku za ta ci mini 46,800 da zubin CNSS a kai, gara in haƙura, in sa ɗan ƙanena ya riƙa tsayawa.

Wasu za su yi hakan. Amma a dubi ɗaya gefen. Muddin awar mai kwana uku ta fi arha da kusan kashi 28 cikin 100, kuma babu hutu babu zubi, mai hankali ba zai sake ɗaukar cikakken ma'aikaci ba. Zai raba kujera ɗaya gida biyu, ya ɗauki mutum biyu da ba su da komai. Arhar ba sabon aiki take haifarwa ba, tsohon take farfasawa. Shi kansa mai jika 78 ɗin ya kamata ya fi kowa damuwa da abin da ake biyan abokiyar aikinsa, don ranar da ya nemi ƙari za a nuna masa ita.

Akwai masu cewa ita ta roƙa a rage mata kwanaki, saboda karatu a jami'a ko saboda yara, alfarma aka yi mata. To, an gode da alfarmar. Amma ta riga ta biya kuɗinta da kwana biyun da ba a biyan ta. Kuma in ka duba waɗanda ke neman irin wannan sassauci, mata ne suka fi yawa, sai ɗalibai. Rage farashin awarsu hanya ce ta biyan mata ƙasa da maza ba tare da an furta ba.

Inda na yarda da masu gida shi ne batun nauyin da ba a raba ba. In cikakken ma'aikacin shi ke kwana a kanti makon da ake gadin dare, shi ke riƙe mabuɗi, shi ke zuwa banki, to a ware wa waɗannan kuɗinsu daban da sunansu, a ba wanda ya yi su. Wannan bambanci ne da ke da dalili, kuma kowa zai gan shi a rubuce.

Sauran hujjar ita ce, yawancin aikin garin nan ba takarda, ba kwantaragi, wace doka za ta kai can? Gaskiya sufeton ƙwadago ba zai bi kowane shago ba. Amma makarantu masu zaman kansu, da ɗakunan shan magani, da kamfanonin gadi, da ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar mutane aikin ƙidaya na 'yan makonni, duk suna da rajista, suna da mai lissafin kuɗi. Daga su za a fara, kuma ba su da uzurin rashin sani.

Awoyin da ke rarrafowa

Abu na ƙarshe da ke lalata duk lissafin da na yi a sama shi ne "tsaya ki ɗan taimaka". An yi yarjejeniya a kan awa 24. Sai ranar Alhamis ta kasuwa a kira ta don mutane sun yi yawa. Sai abokin aiki ya tafi suna, ta rufe masa. Sai lokacin damina, zazzaɓin cizon sauro ya cika kanti, tashin ƙarfe huɗu ya koma shida. Bayan wata shida tana yin awa 32, albashin yana nan a na 24. A kan 450, awa takwas a mako sun kai 15,600 a wata.

Maganin wannan littafi ne na jika ɗaya. Kowace rana a rubuta lokacin shiga da na fita, ma'aikaci ya sa hannu, mai gida ko wakilinsa ya sa hannu a ƙarshen mako, kuma ma'aikacin ya ɗauki hoton shafin da wayarsa. Duk awar da ta haura yarjejeniya a biya ta aƙalla a kan farashin da aka saba, ta kuma shiga lissafin hutu da na zubi. In aka ga wata uku a jere awoyin sun zarce abin da aka rubuta, a zauna a sake rubuta yarjejeniyar da adadin gaskiya. Ga yarinyar nan abin ya wuce kuɗin wata, domin awa 32 a mako awa 138 ne da ɗori a wata, kuma wannan ya tsallake sharaɗin awa 120 ɗin da ya hana ta tallafin iyali.